Shin Ko Kun San? Shafin Sikirif Ɗaya, Minti Ɗaya a Allo!

Shin ko kun san cewa mai shirya fim yana iya faɗa muku tsawon fim ɗinku tun kafin ya karanta kalma ɗaya? Shafin ƙarshe kawai zai buɗe ya dubi lamba. Shafi 90, minti 90. Shafi 120, awa biyu. Ba duba ba ne, ba tsafi ba. Tsarin rubutun ne ya mayar da takarda ma'aunin lokaci, kuma kowace doka a cikinsa saƙo ce ga wani ma'aikaci a lokeshin. Ku biyo mu ku sha mamaki.

Harafin da ya ƙi tsufa

Shin ko kun san salon harafi ɗaya tak ake rubuta sikirif da shi? Sunansa Courier, girmansa 12. Wani ma'aikacin kamfanin IBM, Howard Kettler, ya zana shi a tsakiyar shekarun 1950 domin keken buga rubutu. Keken ya tafi, harafin ya zauna daram!

Me ya sa? Domin haruffansa duka faɗinsu ɗaya. Siririn "i" da ƙaton "m" wuri ɗaya suke ci. Haruffa 10 a kowane inci, layi 6 a kowane inci. Shafi kuma yana ɗaukar layi kusan 55. Ko a Garki aka buga shi ko a Fagge, adadin maganar da ke shafin bai canza ba. Sauya harafin, lissafin minti ya rushe.

Ga wani abin kuma. Gefen hagu na shafin ya fi na dama faɗi: inci ɗaya da rabi a hagu, inci ɗaya a dama, inci ɗaya sama da ƙasa. Ƙarin rabin incin nan na ramukan ɗaure takarda ne. A Amurka ramuka uku ake hudawa, amma biyu kawai ake sa wa maɗauri, na sama da na ƙasa. Na tsakiya haka ake barinsa fayau!

Kun lura takardarmu ma daban take? Wadda ake sayarwa a shagunan buga takardu na Abuja ita ce A4, milimita 210 da 297. Ta Amurka 216 da 279 ce. Tamu ta fi tsawo da milimita 18, ta fi ƙunci da milimita 6. Saboda haka ku zaɓi A4 a manhajarku tun daga shafin farko, kada shafukan su zame ranar bugawa.

Layi ɗaya mai amsa tambaya uku

Shin ko kun san kowane sin yana buɗewa da layi guda, cikin manyan haruffa, da ke amsa tambaya uku a jere? A ciki ne ko a waje? A ina? Da rana ko da dare? Ga shi:

```
EXT. KASUWAR WUSE - RANA
```

`INT.` na nufin kyamara tana cikin gini. `EXT.` na nufin tana waje. Sai sunan wuri, sai karan ɗori, sai lokaci. Shi ke nan. Ba a sa fi'ili, ba a sa labari.

To ga tambaya: tsakar gida, ciki ne ko waje? Da yawa za su ce ciki, tunda sai an yi sallama an wuce zaure kafin a isa. Ina! `EXT.` ne, domin sama a buɗe take, hasken rana ne ke aiki. Zauren kuwa `INT.` ne. Mai haske bai damu da katanga ba, rufi yake dubawa.

Mota fa? Idan kyamara tana zaune tare da fasinjoji, `INT.` ne. Idan tana leƙa ciki tana kuma fita titi, sai a haɗa su biyu: `INT./EXT.`

Wuri kuma daga babba ake farawa a gangaro zuwa ƙarami. A ce `INT. GIDAN ALHAJI SULE - FALO - DARE`, ba a fara da falon ba. Ta haka duk sin ɗin da ke gidan Alhaji Sule zai taru wuri ɗaya a jadawali, a ɗauke su a zama guda.

Kun san sunan wuri ɗaya da aka rubuta iri uku yana iya zama wuri uku? Shafi na 4 ya ce `SHAGON SULE`. Na 30 ya ce `RUMFAR ALHAJI`. Na 61 ya ce `SHAGON ATAMFA`. Marubuci ya san abu ɗaya yake nufi. Manhaja ba ta sani ba, za ta lissafa uku. Mai neman lokeshin kuma ya fita neman shago uku! Suna ɗaya za ku zaɓa, ku riƙe shi har ƙarshe.

Magariba tana da tsada

Shin ko kun san ƙwararru kusan kalma biyu kawai suke amfani da su wajen lokaci? Rana da dare. Ba ƙarfe 4:15 ba, ba "bayan la'asar sakaliya" ba. Idan agogo yana da muhimmanci a labarin, a nuna shi a cikin sin ɗin.

Rubuta MAGARIBA a kan sin kuwa, kun ɗora wa darakta aiki. Abuja tana kusa da tsakiyar duniya, wajen digiri 9 a arewa, don haka rana tana faɗuwa duhu yake biyo ta. Wannan jan hasken mai kyau a bakin tafkin Jabi bai wuce minti ashirin da 'yan kai ba. Sin mai shafi huɗu ba zai ɗauku a ciki ba, sai an yi ta dawowa yamma bayan yamma. Ku ajiye magariba da asuba domin gajeren sin da ya cancance su.

Ga abin burgewa. Bayan an gama rubutu, kowane sin yakan koma siririyar takarda mai launi a allon jadawali. A tsarin da aka fi bi, fari shi ne ciki da rana, rawaya waje da rana, shuɗi ciki da dare, kore waje da dare. Furodusa ya ɗaga ido ya ga kore ya yi yawa, ya san sai janareta, fitilu, da kwana a titi. Daga layinku ɗaya ya gano haka!

Abin da kyamara ba ta gani

Shin ko kun san ba a rubuta tunani a sikirif? Abin da ido zai gani da abin da kunne zai ji, su kaɗai ke shiga layin aiki, wato bayanin da ke biyo bayan kan sin. A nan ne marubutan littattafan hikaya suka fi yin tuntuɓe.

Mu ɗauki misali. Marubuci ya rubuta: "Ladidi ta kwana tana tunanin bashin da Alhaji Sule yake binta tun bara. Da safe ta hau mota daga Nyanya, ta isa Kasuwar Wuse cike da fargaba." A littafi, jimla biyu ce mai daɗi. A fim fa? Sin uku ne cur: ɗaki da dare, mota da rana, kasuwa da rana. Wuri ya canza, sabon sin. Lokaci ya canza, sabon sin.

Sannan ina za a kafa kyamara a ɗauki "tunani"? Yaya ake ɗaukar "tun bara"? Dole a mayar da su abin gani:

```
INT. ƊAKIN LADIDI - DARE

LADIDI (28) tana zaune a gaban keken ɗinki. Ta
juye jakarta a kan tabarma. Ta ƙirga kuɗin, ta
sake ƙirgawa.

Wayarta ta haska: "ALH. SULE". Ta kife ta.
```

Kun gani? Ba a ce bashi ba, ba a ce fargaba ba. Ƙirga sau biyu da kife waya sun faɗi komai.

Ku sake duban sunan. LADIDI da manyan haruffa, amma sau ɗaya kawai, a karon farko da ta bayyana. Daga nan sai Ladidi a layin aiki. Wannan alama ce ga mai zaɓen 'yan wasa: ga sabuwar fuska, a nemo mata jaruma. Shekarun da ke gefe su ma nasa ne.

Komai kuma yanzu yake faruwa, a gaban ido. "Tana zaune", "ta juye", "ta kife". Da kun ga "ta taɓa", "a da can" ko "za ta" a layin aiki, to kun fita daga allo kun koma littafi.

Tsawon sakin layi fa? Layi uku, huɗu, a tsaya. A bar fili, a fara sabo. Kowane sabon sakin layi kamar sabon hoto ne a idon mai karatu. A misalin da ke sama, an ware wayar a layinta ita kaɗai, kuma kowa ya gan ta kusa da idonsa ba tare da an ba mai kyamara umarni ba. Wannan ita ce dabarar: sabon marubuci ba ya cika shafi da "kyamara ta matso", "kyamara ta juya". Aikin darakta ne.

Magana tana tafiya a siririn layi

Shin ko kun san maganar 'yan wasa ba ta cika faɗin shafi? Layin aiki yana ɗaukar haruffa kusan 60. Magana kuwa kusan 35 kawai. Tana farawa inci biyu da rabi daga bakin takarda, sunan mai maganar kuma yana samanta, wajen inci 3.7 daga hagu.

Mutane da yawa suna zaton a tsakiya ake daidaita sunan. A'a! Wuri ɗaya duk sunaye suke farawa, gajere da dogo. Idon jarumi yana gangarowa kai tsaye ya tsinci nasa.

Wanda ya karanta wasan kwaikwayo a makaranta, irin *Uwar Gulma* ko *Wasan Marafa*, ya saba ganin suna a gefen hagu, magana na biye da shi. Wannan tsarin dandamali ne. A fim, suna a sama, magana a ƙasa:

```
EXT. KASUWAR WUSE - SHAGON SULE - RANA

ALHAJI SULE (60) yana auna atamfa. Bai ɗago ba.

                    LADIDI
          Alhaji, barka da kasuwa.

                    ALHAJI SULE
               (ga yaron shago)
          Miƙo mini littafin nan.
```

Wannan ɗan bayani da ke tsakanin suna da magana, a yi hattara da shi. Amfaninsa a nan a fili yake: ya nuna ba Ladidi Alhaji ya amsa wa ba. Amma "cikin fushi", "cikin kuka", "cikin murmushi" a kan kowace magana? Jarumai ba sa so. Idan maganar ba ta nuna fushin da kanta ba, ita ce ke buƙatar gyara.

Yanzu ku riƙe wannan lissafin. Kowace gajeriyar magana tana cin layi uku: suna, magana, fili. Ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, ya iyali, lafiya ƙalau. Magana shida ke nan, layi 18. Sulusin shafi! Daƙiƙa 20 sun tafi ba a fara labari ba. Fim mai sin 60, a ce rabinsu da irin wannan gaisuwa suka buɗe, minti 10 ke nan na "ina gajiya". Shi ya sa gwanaye suke shiga sin bayan an gama gaisawa, sai fa idan gaisuwar ce ke ɗauke da rikicin, kamar yadda Alhaji Sule ya ƙi amsa ta Ladidi.

Muryar da ba a ganin mai ita

Shin ko kun san murya iri biyu ce ake ji ba a ga mai ita ba, kuma kowace da alamarta? `(O.S.)` a gefen suna na nufin mutumin yana wurin, kyamara ce ba ta kama shi ba, kamar uwa da ke ƙwala kira daga madafa. `(V.O.)` kuwa murya ce da za a ɗora daga baya: mai ba da labari, wasiƙar da ake ji ana karantawa, ko muryar da ke fitowa ta waya.

Bambancin ƙaramin abu ne? Tambayi furodusa! Na farko galibi ana son jarumin a lokeshin ranar. Na biyu zai iya shiga situdiyo bayan wata guda.

Hirar waya kuma tana da gajeriyar hanya. Ladidi a Nyanya, yayarta a Kubwa. A kafa wurin kowacce da kan sin ɗinta sau ɗaya, sai a rubuta `INTERCUT`, a bar hirar ta gudana. Edita ya san zai riƙa tsallake tsakaninsu.

Idan magana ta kai ƙarshen shafi ba ta ƙare ba, `(MORE)` yana fitowa a ƙasa, `(CONT'D)` kuma a gefen sunan a sabon shafi. Manhaja ce ke yin wannan da kanta.

Inda ma'aunin yake yin ƙarya

Shin ko kun san dokar shafi ɗaya minti ɗaya ba ta aiki a kan shafi guda? Sai an tara fim ɗin gaba ɗaya take daidaita. Wani lokacin ma ko an tara sai ta goce. Sikirif ɗin *The Social Network* na 2010, wanda Aaron Sorkin ya rubuta, ya haura shafi 160, amma fim ɗin awa biyu ne, saboda 'yan wasan suna zuba magana da gudu. *All Is Lost* na 2013 kuwa, Robert Redford shi kaɗai a teku kusan ba magana, shafukansa talatin da 'yan kai ne, fim ɗin ya haura minti 100!

Mu ma muna da namu. A finafinan Kannywood, layi ɗaya da ya ce an shiga waƙa yana iya cin minti biyar a allo. Waƙa uku, kwata ɗin awa ke nan da ba ya cikin lambar shafi. Mai rubutu ya ƙara shi a lissafinsa.

A lokeshin ma ba a cewa "rabin shafi". Kashi takwas ake raba kowane shafi, a ce sin kaza 3/8 ne, wancan 1 da 2/8. Mafi ƙanƙanta shi ne 1/8, kusan daƙiƙa bakwai da rabi. Amma ku dubi wannan layi: "Ruwan sama ya ɓarke, motoci ɗari sun cushe a hanyar Nyanya." A takarda 1/8 ne. A ƙasa fa? Motoci, direbobi, tankar ruwa, izinin tare hanya. Yini guda zai iya tafiya a kansa, alhali hirar falo mai shafi biyar ta ɗauku kafin azahar.

Daga ina tsarin ya fito?

Shin ko kun san ba marubuta ne suka ƙirƙiro wannan tsari don jin daɗinsu ba? Masu kuɗin fim ne suka fi matsa masa. A shekarun 1910, furodusa Thomas Ince a Kalifoniya ya dage sai an rubuta kowane sin dalla-dalla kafin a kunna kyamara, don a san abin da za a kashe. Da sauti ya shigo, bayan *The Jazz Singer* na 1927, sai magana ta nemi wurinta a shafi.

Namu tarihin ba shi da nisa. Adamu Halilu ya mayar da littafin *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976. *Turmin Danya* ya fito a Kano a 1990. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, hedikwatarta na nan Abuja. A nan kuma Hukumar Finafinai ta Nijeriya, mai mazauni a Jos, take gudanar da bikin finafinai na Zuma. Furodusan da za ku tarar a irin wannan taro, daga Legas yake ko daga Kano, shafin farko zai duba ya gane ko kun san aikin.

Ƙugiya, launi da lamba

Shin ko kun san ba sai kun auna inci ko ɗaya da hannunku ba? Manhajoji irin su Final Draft, Celtx, WriterDuet da Trelby suna jera komai. Akwai kuma Fountain, tsarin da John August da Stu Maschwitz suka fitar a 2012, wanda ake rubutawa ko a waya kamar saƙo, manhaja ta mayar da shi cikakken sikirif. Da ta ga layi ya fara da `INT.` ko `EXT.`, ta san kan sin ne. Mai son rubuta CIKI da WAJE sai ya sa ɗigo a farkon layin, kamar `.WAJE KASUWAR WUSE - RANA`, ita kuma ta karɓa.

Amma ga tarkon da ke jiran mai rubutu da Hausa: ƙ, ɗ da ɓ. Wasu nau'o'in Courier ba su da su. Sai ku ga ɗan akwati a wurin harafin, ko manhaja ta aro shi daga wani harafi mai faɗi daban. Gwajin minti ɗaya ne: ku rubuta "ɗan ƙaramin ɓera", ku mayar da shi PDF, ku duba. Kun ga ƙugiyoyi uku tsaf? To ku ci gaba.

Lambar sin kuma ba taku ba ce tukuna. Sikirif ɗin da ake kai wa furodusa ya karanta ba ya ɗauke da lambobi. Sai an amince za a ɗauka ake sa su, kuma daga ranar ba sa motsi. An ƙara sin tsakanin 12 da 13? Sunansa `12A`. An cire na 20? Lambarsa tana nan, an rubuta `OMITTED` a gabanta. Ta haka mai kwantiniti da mai kayan sawa ba za su taɓa saɓa wa juna a kan wane ne sin 21 ba.

Na ƙarshe, kuma ku kai wa abokai wannan: kowane gyara bayan an kulle sikirif da launin takardarsa yake zuwa! Na asali fari. Gyaran farko shuɗi, na biyu ruwan hoda, na uku rawaya, na huɗu kore, a ci gaba. Shafukan da aka taɓa kawai ake sake bugawa, a sa tauraro a gefen kowane layin da ya canza. Jarumin da ya iso lokeshin riƙe da farin shafi alhali kowa na riƙe da kore, ba sai an tambaye shi ba: an gyara sikirif ɗin har sau huɗu, shi kuwa na asali ya haddace.